Magani Biyar, Majiyyaci Ɗaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin jarrabawa ranar da ɗaliban likitanci suka fito daga takardar ilmin magunguna, ya san irin ƙorafin da akan yi. Wannan ya ce ya zaɓi na uku, wancan ya ce na huɗu ne daidai, wani kuma ya rantse cewa malamai da gangan suka haƙa mana rami. Maganar da ta fi yawa a bakinmu ita ce: "Ai duka biyar ɗin maganin hawan jini ne, to, ta yaya za a ce guda ɗaya kaɗai ne amsa?" Mu ma da muke wannan rubutu mun faɗi haka, kuma mun faɗa da zafi.

Tambayoyin da ake kuka da su su ne masu zuwa da ɗan labari. Akan kawo majiyyaci, a faɗi shekarunsa da abin da ke damunsa da sakamakon gwaje-gwajensa, sa'an nan a jera magunguna huɗu ko biyar a ce ɗalibi ya zaɓi wanda ya fi dacewa. Bayan mun huce, mun zauna mun sake duba irin waɗannan tambayoyi, sai ra'ayinmu ya sake. Abin da muke gani yanzu shi ne, tambayar da aka tsara da kyau ba ta zalunci kowa ba, domin ita ce ta fi kusa da abin da zai same mu ranar da aka ajiye mana mutum a gabanmu aka miƙa mana alƙalami. Amma fa akwai inda masu ƙorafi suke da gaskiya, kuma za mu zo kansa. Bari mu ɗauki tambaya guda mu bi ta daki-daki, don magana a kan misali ta fi magana a iska.

Ga labarin. Wani ma'aikacin gwamnati ne mai shekara 54. An auna jininsa sau uku a ranaku dabam-dabam, kullum yana wajen 162 bisa 98. Yana da ciwon sukari shekara 8 ke nan, yana shan metfomin da gilibenkilamaid. Tun yana yaro yake da asma, yana yawo da maganin shaƙa na salbutamol a aljihu. Bara babban yatsan ƙafarsa ya kumbura da zafi mai tsanani, aka ce masa ciwon gawut ne. An gwada fitsarinsa sau biyu an sami furotin mai yawa. Kiriyatinin na jininsa, watau ma'aunin aikin ƙoda, bai wuce ƙa'ida ba, fotasiyam kuma 4.2 ne. Tambaya: wane magani ya fi dacewa a fara ba shi? Na farko furofuranolol, na biyu haidurokulorotayazaid, na uku metildofa, na huɗu amlodifin, na biyar lisinofiril.

Gaskiya ce ɗalibi ya faɗa, duka biyar suna saukar da hawan jini. In da abin da aka tambaya shi ne wane ne maganin hawan jini, da ko wanne ka nuna ka ci. Amma ba a ce mu yi wa hawan jini magani ba, an ce mu yi wa wannan mutum magani, mai asma, mai gawut, mai ƙodar da ta fara yoyo. Kuskurenmu na farko shi ne mukan karanta labarin kamar gaisuwa ce kafin a shiga zance, mu tsinci sunan cuta, mu garzaya wurin amsoshi. Alhali kuwa ruwa ba ya tsami banza. Malamin da ya san aikinsa ba ya sa layi a labari sai don ya kori wani magani ko ya jawo wani. Saboda haka aikin ɗalibi shi ne ya tsaya a kan kowane layi ya tambayi kansa: wannan wa ya kora, wa kuma ya kira?

Mu fara da asma. Furofuranolol yana rage bugun zuciya ta hanyar toshe wasu wurare da ake kira beta. Waɗannan wurare iri biyu ne da suka shafe mu a nan: beta-1 a zuciya, beta-2 a hanyoyin numfashi. Furofuranolol bai bambance tsakaninsu ba, duka yake toshewa. Shi kuwa salbutamol da mutumin nan yake shaƙa, ta kan beta-2 ɗin yake bi ya buɗe masa ƙirji. Watau in ka ba shi furofuranolol, ka iya tayar masa da asma, kuma ka raunana maganin da zai cece shi in ta tashi. Bugu da ƙari, yana shan gilibenkilamaid, wanda kan sa sukari ya faɗi ƙasa ainun. Mutum yakan gane sukarinsa ya faɗi ta bugun zuciya da rawar hannu, furofuranolol kuwa yana ɓoye waɗannan alamu, sai zufa kaɗai ta rage. Layi biyu ke nan suka kori magani na farko, kuma na asma shi kaɗai ya isa.

Sai gawut. Wannan ciwo yana tasowa ne in sinadarin yurik asid ya taru a jini har ya daskare a gaɓa. Haidurokulorotayazaid, wanda za mu taƙaita mu kira tayazaid, magani ne mai sa fitsari, mai araha, mai aiki sosai a jikin mutanenmu. Aibinsa a nan shi ne yana hana ƙoda fitar da yurik asid yadda ya kamata, don haka yana iya dawo wa mutumin da ciwon yatsansa. Yakan kuma ɗan ɗaga sukari. A lura da bambanci: tayazaid bai kai furofuranolol hatsari ga wannan majiyyaci ba, kuma akwai masu ciwon sukari da yawa da ke shansa lafiya. Amma tunda akwai waɗanda ba su da wannan aibi a cikin jerin, sai ya koma baya. Wannan darasi ne da ya kamata mu riƙe, cewa amsoshin da ba daidai ba suna da daraja-daraja. Akwai wanda aka hana sam, akwai wanda kawai aka fi shi.

Metildofa kuwa babu layin da ya kore shi, amma kuma babu layin da ya kira shi. Tsohon magani ne mai sa kasala da barci, wani lokaci har da baƙin ciki marar dalili, kuma sau biyu ko uku ake shansa a rana. Ma'aikacin da zai zauna a ofis daga safe zuwa la'asar ba zai daɗe yana shan abin da ke sa shi gyangyaɗi ba. Darajar metildofa a yau tana wajen mata masu juna biyu, inda aka daɗe ana amfani da shi aka ga bai cutar da jariri. Majiyyacinmu namiji ne mai shekara 54. An sa metildofa a jerin ne don ɗalibin da ya haddace cewa "maganin nan ba shi da hatsari" ba tare da ya tuna ga wa aka faɗi haka ba.

Yanzu saura biyu, amlodifin da lisinofiril, kuma nan ne ainihin jarrabawar take. Ukun farko ɗalibi mai matsakaicin karatu zai kore su. Waɗannan biyun kuwa mai ƙoƙari ne yake faɗawa tsakaninsu, kuma abin da ya karanta ne yake tura shi. Ya karanta, kuma gaskiya ne, cewa baƙar fata galibi sinadarin renin ya yi ƙaranci a jininsu, saboda haka lisinofiril da danginsa, in an ba su su kaɗai, ba su cika saukar musu da jini kamar amlodifin ko tayazaid ba. Ya ga amlodifin bai taɓa asma ba, bai taɓa gawut ba, bai taɓa sukari ba. Sai ya ce ai shi ke nan, ya zagaye na huɗu. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Abin da ya tsallake shi ne layi ɗaya: furotin a fitsari.

Don a gane nauyin wannan layi, sai an dubi yadda ƙoda take aiki. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya. Kowace matata tana da jijiyar da ke shigo da jini, da wata da ke fitar da shi. Ciwon sukari yana sa matsi ya yi yawa a cikin matatar, har ta fara sakin furotin da bai kamata ya fita ba. Furotin a fitsari shaida ce cewa ɓarna ta fara, tun kiriyatinin bai motsa ba, kuma in an bar ta haka ƙarshenta wankin ƙoda. Akwai sinadari a jiki, anjiyotensin, wanda ke matse jijiyar fita fiye da ta shiga. Manomin fadama ya san abin da ke faruwa in ruwa yana shigowa kwari amma mafita ta ƙuntata. Lisinofiril yana hana jiki ƙera wannan sinadari, sai mafita ta saki, matsi ya sauka a cikin matatar, yoyon furotin ya ragu. Amlodifin kuwa jijiyar shiga ya fi buɗewa. Zai saukar da jinin da ake aunawa a dantse, amma ba ya rage yoyon nan kamar yadda lisinofiril yake yi. Wannan ba zato ba ne: tun a 1993 aka nuna cewa kaftofiril, ɗan uwan lisinofiril, yana jinkirta lalacewar ƙoda ga masu ciwon sukari nau'i na ɗaya, a 2001 kuma aka nuna irin haka da losatan da irbesatan ga masu nau'i na biyu.

To, ga hukunci. Amlodifin ya ci jarrabawar "ba ya cutarwa". Lisinofiril ya ci wannan, ya kuma ci ta biyu, watau "yana yi wa mutumin wani amfani bayan saukar da jini". In magani biyu suka tsira daga kora, wanda ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya shi ne amsa. Kama da wane ba wane ba ne. Tsarin da muka bi yana da mataki uku, kuma jerinsu yana da muhimmanci: a fara korar abin da zai cutar, sa'an nan a nemi wanda wata cuta ta biyu ta kira da suna, daga ƙarshe in an yi kunnen doki a duba sauƙin sha da araha. Wanda ya fara daga mataki na uku, ko ya fara da tambayar wane magani aka fi rubutawa a asibiti, zai yi ta faɗuwa yana zargin malamai.

Hanya mafi kyau ta gane ko mun fahimci tambaya ita ce mu sake layi ɗaya mu ga ko amsa za ta bi. A cire ciwon sukari da furotin, a bar sauran: amsa ta koma amlodifin, kuma hujjar ɗalibin nan ta baƙar fata ta zama ita ce daidai. A mai da majiyyacin mace mai shekara 30 da cikin wata biyar: lisinofiril da ya zo na ɗaya ya zama wanda aka fi hanawa, domin yana lalata ƙodar ɗan tayi, yana rage ruwan da yake kwance a ciki, har ƙashin kansa yakan taɓa. Nan metildofa da muka raina ya hau gaba. A bar mutumin yadda yake amma a ce fotasiyam nasa 5.8 ne, alhali ƙa'ida tsakanin 3.5 da 5.0 take: ba a fara lisinofiril, domin yana ƙara tara fotasiyam, yawansa kuwa yana iya tsayar da zuciya. Jerin magunguna bai sake ba, cutar ma hawan jini ce a duka, amma amsa ta tashi daga wuri zuwa wuri har sau uku. Wannan shi ya sa haddace amsoshin tsofaffin takardu, sana'ar da muka ƙware a kanta a ɗakunan kwana, ba ta fisshe mu. Mun haddace cewa "bara lisinofiril ne", bana malam ya ƙara kalmar "juna biyu".

Akwai kuma abin da takarda ba ta cika tambaya ba amma asibiti zai tambaya, watau me zai biyo bayan zaɓin. Akan fara lisinofiril da miligiram 5 ko 10 sau ɗaya a rana, a sake auna kiriyatinin da fotasiyam bayan mako ɗaya zuwa biyu. In kiriyatinin ya ɗan hau, ba abin tsoro ba ne, alama ce matsin matata ya sauka. In hawan ya wuce kashi 30 cikin 100, sai a tsaya a bincika, domin yana yiwuwa jijiyoyin da ke kai jini ƙoda duka biyu sun ƙuntata, ko kuwa jikin mutumin ya bushe saboda zawo ko amai. Wajen mutum ɗaya cikin goma yakan kamu da busasshen tari marar majina. Ga mai asma wannan yana da ruɗarwa, don ana iya zaton asmar ce a yi ta ƙara masa maganin shaƙa, alhali sauya shi zuwa losatan ne zai raba shi da tarin. Abin da ya fi wannan tsanani shi ne kumburin leɓe da harshe da maƙogwaro. Ba ya yawan aukuwa, amma ya fi samun baƙar fata, kuma wanda ya same shi an raba shi da maganin har abada.

Yanzu mu ba masu ƙorafi haƙƙinsu. Na farko, majiyyacin da jininsa ya kai 162 bisa 98 da wuya magani guda ya ishe shi. Likita a asibiti mai yiwuwa ya ba shi lisinofiril da amlodifin tare, ko ya ƙara na biyun bayan 'yan makonni. Akwai bincike na nahiyarmu da ya shafi wannan. A 2019 aka buga sakamakon gwajin da Dike Ojji, likitan zuciya na Jami'ar Abuja, ya jagoranta a kan mutum 728 a ƙasashe 6 na Afirka kudu da Sahara. An gwada haɗin magunguna biyu-biyu iri uku na tsawon wata 6, aka ga haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi wanda babu shi saukar da jini. Saboda haka ɗalibin da ya zaɓi na huɗu ya rasa maki, amma maganinsa yana nan zuwa. Takarda ta tambayi wanda ba za a iya bari ba, shi ya sa amsa ta zama ɗaya. Haka kuma, da an sa losatan a jerin tare da lisinofiril, da tambayar ta lalace, domin duka biyun suna kare ƙoda, har ma ƙa'idar da Biritaniya ta fitar a 2019 ta fi karkata ga jinsin losatan ga baƙar fata saboda kumburin da muka ambata. Tambayar da masana biyu za su yi jayayya a kan amsarta ba ta cancanci a yanke wa ɗalibi hukunci da ita ba, kuma mun ga irinta.

Na biyu, akwai tambayoyin da ake kwafowa daga littattafan ƙasashen waje ba a sake ko wasali ba. A can an ɗauka cewa duk wanda aka ba lisinofiril zai dawo gwajin jini bayan mako biyu. Ɗan uwanmu da za a tura ƙaramin asibitin karkara lokacin bautar ƙasa, inda babu na'urar auna fotasiyam kuma majiyyaci sai ya biya kuɗin mota mai yawa kafin ya kai inda take, dole ya sa wannan a lissafi. Nisa daga ɗakin gwaji da ƙarfin aljihun majiyyaci layuka ne na labari kamar asma da gawut. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma malamanmu sun san asibitocinmu fiye da marubutan waɗancan littattafai.

Don haka roƙonmu ga sashen da abin ya shafa guda biyu ne, kuma muna fata ƙungiyar ɗalibai za ta kai shi. A riƙa keɓe sa'a guda bayan kowace jarrabawar gwaji, malami ya zo ya bi amsoshin da ba daidai ba ɗaya bayan ɗaya ya faɗi layin da ya kori kowacce. Faɗin amsar daidai kaɗai ba ya koyar da komai, sai ƙara mana abin haddacewa. Kuma kafin a sa tambaya a takarda, a ba wani malami na biyu ya amsa ta ba tare da ya ga amsar mai ita ba. In suka saɓa, a gyara ta ko a jefar. Mu ma ɗalibai akwai namu aikin: a zaman bita na dare, maimakon mu tambayi juna amsa, kowa ya sake layi ɗaya ya ƙalubalanci na kusa da shi.

Daga ƙarshe, kalma ga 'yan uwanmu ma'aikata masu karanta wannan mujalla, waɗanda suka rabu da ɗakin jarrabawa. Mutumin labarin nan ɗayanku ne, ko mahaifinku. Likita ba zai iya korar furofuranolol ba in ba a gaya masa akwai asma ba, ba zai guji lisinofiril ba in matar ta ji kunyar faɗin cewa ta yi ɓatan wata. A ofisoshi muna ganin mutum ya miƙa wa abokin aikinsa ƙwayarsa yana cewa, "Sha wannan, ni ma hawan jini gare ni." Cutarsu ɗaya ce, amma mai yiwuwa ɗaya yana da maganin shaƙa a aljihu, ɗayan ba shi da shi. In za ku je asibiti, ku tafi da duk magungunan da kuke sha, har da na gargajiya da na kemis, ku faɗi duk ciwon da kuka taɓa yi ko da ba a tambaye ku ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ba mu sa'a a takarda mai zuwa.